Yadda ake hana gem cinye batir da ɗumama waya

Akwai wata matsala da ba ta bayyana a kan kwamfutar mai haɗa gem, sai gem ɗin ya isa hannun mai bugawa. A mintunan farko komai yana tafiya sumul. Bayan kamar minti goma ko sha biyar sai bayan wayar ya ɗauki zafi, hoto ya fara sarƙewa, batir kuma yana zuba ƙasa ana kallo. Da yawa kan ɗauka wani mataki ne na gem ɗin ya yi nauyi, su je su yi ta rage itatuwa da inuwa a wurin. Sau da yawa ba daga nan ba ne. Wayar ce da kanta ta rage gudun furosesa don kada zafi ya lalata ta, tunda ba ta da fanka, jikinta kawai ke fitar da zafin zuwa iska da tafin hannu. In kuwa masu buga gem ɗinka suna Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ne a watan Afrilu, lokacin da zafin gari kan haura digiri 40, to wayar ta riga ta ɗumama tun kafin a buɗe gem, ratar da ta rage mata kaɗan ce.

Zan yi bayanin a kan injin Unity da wayoyin Android, domin a nan na fi sanin sunayen abubuwan. Dalilan dai ɗaya ne a kowane inji.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Gem yana zana hoto bayan hoto, kowanne ana ce masa firam. Idan yana zana 60 a sakan, kowane firam na da milisakan 16.7 ya gama lissafinsa da zanensa. Idan 30 ne, yana da milisakan 33.3. Abin da ke ɗumama waya shi ne yawan lokacin da furosesa da sashen zane suke aiki a cikin wannan wa'adi, abin da ke sanyaya ta kuma shi ne ragowar lokacin da suke hutawa.

Mu ɗauka aikin firam ɗaya a gem ɗinka yana cin milisakan 14. A kan 60, gem ɗin yana cika wa'adi, kuma kowane ma'auni zai nuna maka 60 daram, ka yi murna. Amma 14 sau 60 milisakan 840 ke nan a kowane sakan, wato kashi 84 cikin ɗari na lokacin wayar tana aiki tuƙuru. Ka mayar da shi 30 ba tare da ka taɓa komai ba, aikin ya koma milisakan 420, fiye da rabin lokaci tana hutawa. Ribar ma takan wuce haka, saboda idan aiki ya ragu tsarin wayar yakan sauke gudun furosesa, ya sauke ƙarfin wutar da yake ba ta tare da shi, wutar da ake ci kuwa tana hawa ne da ninkin wannan ƙarfi a kansa. Saukowa kaɗan daga ƙololuwar gudu tana rage zafi da yawa.

Shi ya sa shawarar da Unity ke bayarwa ga gem ɗin waya ita ce kada a cinye fiye da kusan kashi 65 cikin ɗari na wa'adin firam: wajen milisakan 22 in ana neman 30, wajen 11 in ana neman 60. Gem ɗin misalinmu mai milisakan 14 bai cancanci 60 ba, duk da cewa yana iya kaiwa. Zai kai na ɗan lokaci, sannan wayar ta rage gudu, aikin milisakan 14 ya koma 20, sarƙewa ta fara.

Auna kafin ka taɓa komai

Gwajin minti biyu ba ya nuna komai game da zafi. Ka ware minti 20 zuwa 30 a kan mataki ɗaya, a kan waya mafi rauni da kake son gem ɗin ya yi aiki a kanta, irin ƙananan Tecno ko itel da suka cika kasuwa, ba babbar wayar da ke aljihunka ba. Ka tsayar da hasken allo a wuri ɗaya, ka kashe daidaita haske na kai tsaye, domin allo da kansa babban mai cin batir ne kuma zai rikita maka sakamako.

Kada wayar ta kasance a jone da kebur. Caji yana ɗumama batir, kuma ba za ka ga saukarsa ba. Ka jona ta sau ɗaya, ka buɗe hanyar Wi-Fi, sannan ka zare kebur ɗin:

```
adb tcpip 5555
adb connect 192.168.0.12:5555
adb shell dumpsys battery
```

Adireshin da ke layi na biyu ka musanya shi da na wayarka. A cikin abin da umarni na uku zai fitar, layuka biyu ne naka: `level`, wato kason batir da ya rage, da `temperature`, wanda ake rubutawa da kashi goma na digiri, don haka 385 yana nufin digiri 38.5. Ka rubuta su a farko, ka sake rubutawa duk bayan minti biyar. Wannan zafin batir ne, yana biyo bayan na furosesa a hankali, amma ya isa a kwatanta gwaji da gwaji. Tsakanin gwaji biyu ka bar wayar ta huce ta koma inda ta fara, in ba haka ba gwaji na biyu zai ɗauki laifin na farko.

Domin ganin inda lokaci ke tafiya a cikin firam, ka gina gem ɗin da `Development Build` da `Autoconnect Profiler`. Amma gwajin zafi da batir ka yi shi da gini na ainihi, saboda Profiler ma yana da nasa nauyin.

Ƙayyade yawan firam

Layi ɗaya ne, a wani abu da ke tashi da farkon gem:

```csharp
void Awake()
{
    Application.targetFrameRate = 30;
}
```

Abu biyu ya kamata ka sani a nan. Na farko, a waya Unity ba ya kula da `QualitySettings.vSyncCount`, don haka juya shi a saituna ba zai canza komai ba. Na biyu, idan ba wanda ya taɓa `targetFrameRate`, darajarsa tana kan -1, kuma a waya hakan na nufin 30. Wato in gem ɗinka yana gudu a 60 ko 120, akwai wanda ya sa shi. Ka binciki dukan aikin da wannan suna, har da kayan da ka sauko da su daga wajen wasu. Ba abin mamaki ba ne ka tarar da wani kunshin da ya daidaita shi da gudun allon waya, sai gem ɗin da aka gwada a allo mai sabuntawa sau 60 ya koma neman 120 a sabuwar waya, wa'adinsa ya koma milisakan 8.3.

Me ya sa 30, ba 40 ko 45 ba? Allo yana sabunta kansa ne a ƙayyadadden lokaci, firam kuma ba ya fita sai a kan ɗaya daga cikin waɗannan lokuta. Adadin da ka zaɓa dole ya raba gudun allon ba saura. Allo mai 60 yana karɓar 60 da 30 da 20. Mai 90 yana karɓar 90 da 45 da 30. Mai 120 yana karɓar 120 da 60 da 40 da 30. Talatin ne babban adadin da ya shiga duka ukun. Idan ka nemi 45 a allo mai 60, ko dai a sauke ka zuwa 30, ko wasu firam su zauna milisakan 16.7 wasu 33.3, ido kuma yana kama wannan tangal-tangal fiye da yadda yake kama 30 mai tafiya daidai. Saboda wannan dalilin ne ma ya dace ka kunna `Optimized Frame Pacing` a saitunan Android na Player, wanda aikinsa shi ne raba firam ɗin a kan tazara ɗaya.

Da zarar ka sauke zuwa 30, duk wani wurin da aka rubuta motsi bisa ƙirgen firam zai tona kansa. Abin da ake matsar da shi da adadi ɗaya a kowane `Update()` ba tare da an ninka da `Time.deltaTime` ba zai koma rabin gudunsa. Wannan mai sauƙin gani ne. Wanda ya fi ɓuya shi ne kyamarar da ke bin jarumi da `Vector3.Lerp(a, b, 0.1f)` a kowane firam: a kan 30 sai ta riƙa jan ƙafa a baya, ka ɗauka nauyi ne. Gyaransa shi ne a maye gurbin 0.1 ɗin da `1f - Mathf.Exp(-k * Time.deltaTime)`, kuma `k` na kusan 6.3 zai ba ka irin bin da kake samu a da a kan 60.

Ra'ayina shi ne ludo, kati, wasan jera kalmomi, gem ɗin gona da na tsaron gari duk su zauna a 30. Gem ɗin tsere ko harbi, inda jinkirin yatsa ke kashe mutum, yana da hujjar neman 60, amma sai ya biya kuɗinsa ta hanyar sauke aikin firam ƙasa da milisakan 11. Ko a irinsa ma, shafin zaɓi da kanti da allon dakatawa ba su da wannan hujja, kuma `targetFrameRate` ana iya canza shi a kowane lokaci gem na gudana.

Inda hoto ke tsaye cak, kamar lokacin da mai wasa ke tunanin inda zai ajiye kati, akwai abin da ya fi haka. Tun daga Unity 2019.3 ana iya rage zane kawai, a bar lissafi da karɓar taɓawa suna tafiya yadda suke:

```csharp
bool aiki = Input.touchCount > 0 || anaMotsi;
OnDemandRendering.renderFrameInterval = aiki ? 1 : 3;
```

Yana cikin `UnityEngine.Rendering`. A kan 30, tazarar 3 na nufin zane sau 10 a sakan, amma taɓawa ba ta ɓacewa tunda `Update()` yana nan yana gudu sau 30. Wahalar tana wajen `anaMotsi`, wanda kai za ka kula da shi. In ka dogara da taɓawa kaɗai, da an ɗaga yatsa sai jerin da ke ci gaba da zamewa ko katin da ke tashi zuwa tebur su koma tsalle-tsalle. Ka riƙe cikakken zane har motsin ya ƙare, ka ƙara kamar sakan ɗaya a kai.

Rage abin da ke gudu a kowane firam

Ƙayyade firam yana rage sau nawa ake aikin. Saura a rage aikin kansa, kuma a nan ne aka fi samun ɓarna.

Duk wani rubutu da ke da `Update()` Unity yana kiransa a kowane firam, ko da ba komai a cikinsa. Kowane kira yana tsallakawa daga ɓangaren injin zuwa ɓangaren C#, yana da ɗan farashi. A abu goma ba a ji, a abu ɗari-ɗari ana ji. Kuma samfurin da Unity ke buɗe sabon rubutu da shi ya daɗe yana zuwa da `Start()` da `Update()` a shirye, shi ya sa ake tarar da fanko da yawa da aka manta. Share su shi ne aikin farko, ba ya buƙatar tunani.

Mu ɗauki gem ɗin tsaron gari a matsayin misali. Mahara 240 ne a fili, hasumiya 20, kowane mahari yana da nasa `Update()`, a ciki yana auna nisansa da kowace hasumiya don ya zaɓi mafi kusa, sannan ya matsa. A firam ɗaya awo 4,800 ke nan. A kan 60, awo 288,000 a sakan, da kiran `Update()` 14,400. In kuma kowannensu yana neman jerin hasumiyoyin da `FindObjectsOfType` a duk firam, abin ya wuce misali, domin wannan yana bincike ne cikin abubuwan da ke fagen kuma yana ƙirƙiro sabon jeri kowane kira. A Profiler za ka ga alamar a ƙarƙashin `BehaviourUpdate`: lokaci mai yawa, yawan kira a ɗaruruwa, layin `GC Alloc` kuma ba ya sauka sifili.

Tambayar da za ka yi wa kowane aiki ita ce: mai wasa zai lura in an yi shi sau biyar a sakan maimakon talatin? Matsawa, e, zai lura nan take. Zaɓen hasumiya, a'a, tunda hasumiya ba ta motsi kuma mahari ba ya yin nisa a cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan. Sai a cire `Update()` daga maharan gaba ɗaya, a ba wa manaja guda ɗaya jerinsu, ya raba su rukuni shida:

```csharp
void Update()
{
    float dt = Time.deltaTime;
    int rukuni = Time.frameCount % 6;
    for (int i = 0; i < mahara.Count; i++)
    {
        if (i % 6 == rukuni) mahara[i].ZabiHasumiya();
        mahara[i].Matsa(dt);
    }
}
```

Yanzu a kowane firam mahara 40 ne ke zaɓe, awo 800, a kan 30 kuma 24,000 a sakan. An sauko daga 288,000, wato kashi ɗaya bisa sha biyu. Kiran da injin ke yi ya koma 30 a sakan. Kuma saboda an raba su rukuni, nauyin ya bazu daidai a kan kowane firam. Da a ce duka 240 suna zaɓe tare a firam na shida, da jimillar aikin ɗaya ce, amma wannan firam ɗin zai riƙa kumbura yana jawo sarƙewa sau biyar a sakan.

Akwai ramuka uku a wannan tsari. Sabon mahari ba shi da hasumiya sai layinsa ya zo, don haka ka sa ya zaɓa tun lokacin da aka fito da shi. Idan hasumiya ta rushe, waɗanda ke kanta za su ci gaba da nufar inda babu komai na ɗan lokaci, ko su jefa kuskure in `Matsa` bai duba ba. Ka sa rushewar ta sanar da su su sake zaɓe nan take. Sannan kada ka cire wanda ya mutu daga jerin ana tsakar zagayen, ka tara su ka cire a ƙarshe. Wajen awon kansa, `sqrMagnitude` ya wadatar a gane wanda ya fi kusa, ba sai an fitar da ainihin nisa ba.

Rubutun maki shi ma wuri ne da ake asara a ɓoye. Layin da ke haɗa kalma da lamba ya zuba a allo a kowane firam yana ƙirƙiro sabon rubutu a ƙwaƙwalwa kowane karo, tarinsu kuma shi ke tayar da mai share shara, wanda kan tsayar da gem na ɗan lokaci. Ka sabunta maki lokacin da ya canza kawai. Abubuwan da ke yawan canzawa, irin agogo da ma'aunin rai, ka ware musu nasu `Canvas`, saboda canjin abu ɗaya yana sa a sake haɗa dukan `Canvas` ɗin da yake ciki. `Canvas.SendWillRenderCanvases` da `Canvas.BuildBatch` su ne sunayen da za ka sa wa ido.

Wani agogon da bai san ka sauka 30 ba

Lissafin karo da faɗuwa yana da nasa agogo daban. `Fixed Timestep` yana zuwa a kan 0.02, wato sau 50 a sakan, kuma ƙayyade firam ba ya taɓa shi. A kan 30, wasu firam za su gudanar da `FixedUpdate()` sau ɗaya, yawanci sau biyu. Ka mayar da shi 0.0333 a `Project Settings > Time` su daidaita, ka kunna `Interpolate` a kan `Rigidbody` na abin da kyamara ke bi don kada ya yi rawa. Farashinsa shi ne abu mai tsananin gudu, kamar harsashi, yana iya ratsa siririn bango tsakanin mataki da mataki. Irin waɗannan kaɗai ka ba su `Continuous` a `Collision Detection`. Kuma ka sake gwada tsalle da faɗuwa, don sukan ɗan canza. Gem ɗin da ba ya amfani da wannan lissafi kwata-kwata, irin kati, ya mayar da `Simulation Mode` zuwa `Script`, injin ya daina gudanar da shi.

Wani tarko kuma: `enabled = false` yana tsayar da `Update()`, amma ba ya tsayar da abin da aka tayar da `StartCoroutine` ko `InvokeRepeating`. Ka kashe su da hannunka.

Yadda za ka gane an samu

Ka koma Profiler ka nemi `WaitForTargetFPS`. Shi ne lokacin da babban zaren gem ke zaune yana jira, kuma so ake ya yi faɗi, kamar milisakan 11 ko fiye a cikin 33. Amma ka yi hattara da jiran da ke fitowa da sunan `Gfx.WaitForPresentOnGfxThread`, domin yana iya nufin furosesa ta gama tana jiran sashen zane ne, shi kuma yana can yana fama, wayar na ci gaba da ɗumama. Hanyar tantancewa mai sauƙi ita ce ka rage girman hoton da ake zanawa sosai ka sake dubawa. In lamarin ya gyaru, matsalarka tana wajen zane, rage `Update()` ba zai taimaka ba. Sai ka duba yawan hotuna masu ratsuwa da aka jibga kan juna, da inuwa, da kwalliyar da ake yi wa hoto bayan zane.

Sannan ka maimaita gwajin minti 30 ɗin. Alamar nasara ita ce zafi ya hau ya tsaya a wani wuri, kuma yawan firam a minti na 30 ya yi daidai da na minti na farko. Daga Android 10 zuwa sama, `adb shell dumpsys thermalservice` yana nuna matakin zafi da wayar ta sa kanta, daga 0 zuwa 6, inda 3 ke nufin an rage gudu sosai. Gem ma yana iya karanta wannan matakin da `getCurrentThermalStatus` ya sauka daga 60 zuwa 30 da kansa tun kafin a kai can, sai dai ba kowace ƙaramar waya ke bayar da rahoton yadda ya kamata ba, don haka kada tsarinka duka ya dogara a kansa.

In aikin firam ɗinka ya riga ya kai milisakan 30, sa iyakar 30 ba zai huce komai ba, tunda babu hutun da ya saura. Sai ka rage aikin tukuna. Idan kuma ka bar wa mai wasa zaɓi tsakanin 30 da 60 a saituna, ka sa gem ɗin ya fara a 30, wanda wayarsa za ta iya ɗauka ya ɗaga da kansa.